Wata goma sha biyu, cira goma sha uku: abin da na gani a takardar mutanen Gangara

A tsakiyar watan Mayun 2023 ne wani ɗan ƙanwata ya yi mini sallama a Katsina bayan sallar la'asar, riƙe da ambulan a cikin leda. Daga Gangara ya taso, wato ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya, yankin da ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Shi ne ma'ajin wata ƙungiyar gama kai ta masu sayen hatsi, mutum talatin da 'yan kai, waɗanda abincinsu ya rataya a kan kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi da kuma zirga-zirgar da ake yi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Sun yanke shawarar sayen injin sussuka da na niƙa daga wani kamfani a kan Naira miliyan 3, sun ba da kafin alƙalami Naira 840,000, saura Naira 2,160,000 da za su biya kashi 12, wato Naira 180,000 kowane wata.

"Kawu," in ji shi, "shugaba ya riga ya sa hannu, ni kaɗai ake jira. Na ce bari dai ka duba mini, tunda aikinku ne."

Aikinmu ne kuwa, domin na shafe fiye da shekara ashirin a bayan kantar banki kafin in yi ritaya. Takardar shafi ɗaya ce tak, kuma wanda bai sani ba zai iya karance ta a cikin minti biyu. Mu sai da muka kai magariba a kanta. Kuma duk da haka akwai abin da ya kuɓuce mini, wanda zan zo kansa nan gaba, domin ba na son mai karatu ya ɗauka labarin gwaninta na zo bayarwa.

Da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da mutanenmu ke yi wa kuɗin goro. Akwai abin da ma'aikatan banki ke kira sitandin oda, wato tsayayyen umarni. Kai mai asusu ne kake rubuta wa bankinka cewa duk ranar kaza ga wata ya ɗauki kuɗi kaza ya tura wa wane. Linzamin yana hannunka: mai karɓar kuɗin ba ya iya ƙara ko kwabo, kuma ran da ka ga dama ka rubuta a tsayar. Akwai kuma darek debit, wato izinin cira kai tsaye. A nan kai ne kake ba wani, kamfani ko makaranta ko mai ba da bashi, izinin ya aiko ta hannun bankinsa a ciri kuɗi daga asusunka. A na farko kai kake aunawa ka miƙa. A na biyu ka ba mutum mabuɗin rumbu ne, tare da sharaɗin mudu nawa zai ɗiba da kuma yaushe. Takardar sharaɗin ita ake kira mandet, kuma ita ce ɗan ƙanwata ya kawo mini.

Wannan tsari yana da ƙa'ida. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin cira kai tsaye a 2010, ya sabunta su a 2018, kuma kamfanin NIBSS, wanda ke sasanta hada-hada tsakanin bankuna, yana da rumbun da ake ajiye irin waɗannan izini a cikinsa. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, da zarar izini ya shiga na'ura, na'urar ba ta san abin da kuka faɗa da baki a ƙarƙashin bishiya ba. Abin da aka cike a gurbi shi take bi. Saboda haka na ce wa yaron ya ciro yarjejeniyar sayen injin, muka ajiye ta gefe da gefe da takardar izinin. Ba a tantance takardar izini ita kaɗai. Da yarjejeniyar da ta haife ta ake auna ta, layi bayan layi.

Gurbin kuɗi muka fara dubawa. Yarjejeniya ta ce Naira 180,000. Takardar izini ta ce 360,000, da lamba da kuma kalmomi. Na tambaye shi dalili, sai ya ce wakilin kamfanin ya bayyana musu cewa wannan ba abin da za a cira ba ne, iyaka ce kawai, ko da wani wata zai kuskure musu a haɗa biyu. Gaskiya wakilin ya faɗa, amma rabinta. A saman takardar akwai 'yan akwatuna biyu, ɗaya an rubuta Fixed, ɗaya Variable, kuma a na biyun aka yi maki. Na farko yana nufin adadi tsayayye, ba ragi ba ƙari. Na biyu yana nufin adadin na iya sauyawa, kuma lambar da aka rubuta ita ce ƙololuwar abin da za a iya ɗauka a cira guda. Izini mai sauyawa yana da muhallinsa, kamar kuɗin wuta ko na waya da ba a san adadinsu sai wata ya ƙare, kuma ƙa'ida ta wajabta wa mai cira ya sanar da mai asusu tun da wuri kafin ya sauya adadi ko rana. To amma ina ruwan bashi mai kashi 12 daidai wa daida da sauyawa? Kuma sanarwar, ta yaya za ta isa? Mutanen Jibiya ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da tasu, saboda matsalar 'yan bindiga, aka shafe watanni babu kira babu saƙo. Kariyar da ta dogara da shigowar saƙon waya kariya ce ta mutumin birni.

Ba na zargin kamfanin da niyyar cuta. Amma lissafin a bayyane yake: izinin da ya ce 360,000 sau 12 ya buɗe ƙofar Naira 4,320,000 a kan bashin 2,160,000. Kuskuren akawu ɗaya ya isa. Na ce a mayar da shi tsayayye, a rubuta 180,000 da lamba da kalmomi, a ja layi a ragowar gurbin don kada wani ya cusa wani abu. Idan lamba da kalmomi suka saɓa, dokar takardun kuɗi irin su caki ta fifita kalmomi, amma a aikace ma'aikacin banki mai hankali mayar da takardar yake yi. Haka ma idan an yi gyara ba tare da masu sa hannu sun sake sa hannu a gefen gyaran ba. Don haka ban yarda a soke a gyara ba. Na ce a karɓo sabon fom.

Gurbin da ke nuna sau nawa za a cira kuwa, wayam yake. Wakilin ya ce zai cike a ofis. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a takardar, domin sa hannu a kan gurbi wayam daidai yake da ba da caki babu adadi. A irin waɗannan fom ana samun zaɓi na mako, na wata, na wata uku, na shekara, wani lokaci har da wanda ke nufin duk sa'ad da mai cira ya buƙata. Akwai kuma wata kalma da ta sha haɗa faɗa a gabana, Bi-monthly, wadda a Turancin kansa tana iya nufin sau biyu a wata, tana kuma iya nufin sau ɗaya a wata biyu. A kan Naira 180,000, fassara ɗaya ta ba da 4,320,000 a shekara, ɗayar ta ba da 1,080,000. Inda duk na ga wannan kalma nakan ce a cire ta a rubuta magana a fili. Mu Monthly muka zaɓa, muka kuma ƙara da hannu cewa cira 12 ne jimla.

Daga nan sai ranaku, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. An rubuta ranar farawa 05/06/2023, ranar ƙarewa 05/06/2024. Ido yana ganin shekara guda cif, zuciya ta kwanta. Na ce wa yaron ya ƙirga da yatsunsa. Ya fara: Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, bakwai ke nan. Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, sha biyu. Sai ya tsaya da yatsa a sama.

"Kawu, ai Yunin 2024 ya zama na sha uku."

Haka ne. Wanda ya kafa shinge ya san cewa tazara 12 tana buƙatar turke 13. Muddin ranar ƙarewa ta haɗa da ranar cira, na'ura za ta cira, kuma Naira 180,000 ta fita a kan bashin da aka gama biya. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa a takardun da suka bi ta hannuna, kuma yawanci ba mugunta ke kawo shi ba, saurin hannu ne: a rubuta rana ɗaya, a sauya shekara. Ya fi kowanne wuyar ganewa kuma, domin sai bayan shekara yake bayyana, lokacin da kowa ya daina duba takardar. Ƙa'idar da nake bi ita ce, ranar ƙarewa ta faɗo bayan cira na ƙarshe da 'yan kwanaki, amma kafin lokacin cira na gaba. 'Yan kwanakin nan na rara suna da amfani, don idan ranar ƙarshe ta faɗa a hutu aka jinkirta cirar, kada a tarar izinin ya riga ya mutu, kamfani ya rubuta ku cikin masu taurin bashi. Na kuma ce a rubuta sunan wata da kalmomi, domin 05/06 a wurinmu 5 ga Yuni ne, amma a na'urar da aka saita bisa tsarin Amurka 6 ga Mayu ne.

Ita kanta ranar 5 ga wata ban yarda da ita ba, kuma dalilin ba ya cikin kowane littafin banki. Na tambaye shi yaushe kuɗi ke shiga asusun ƙungiya. Ya ce 'yan ƙungiya suna zuba nasu ne a kasuwar Lahadin farko ta kowane wata, shi kuma ya shigar da su banki Litinin ko Talata. Muka ɗauko kalanda. Lahadin farko ta Agustan 2023 ta kama 6 ga wata. Ta Janairun 2024 ta kama 7 ga wata. Ke nan a waɗannan watanni mai cira zai zo ranar 5 ya tarar da asusu bai cika ba, alhali kuɗin suna aljihun mutane, ba a kai ga tara su ba. Cirar da ta dawo babu kuɗi tana jawo caji, tana ɓata suna, wani lokaci ta ba mai kaya hujjar cewa an karya yarjejeniya. Lahadin farko ba ta wuce 7 ga wata, don haka muka nemi a mayar da ranar 10 ga wata, a yarjejeniyar da kuma izinin, kamfanin kuma bai ƙi ba. Da a ce 30 ko 31 suka zaɓa, da sai mun tambayi abin da za a yi a watan Fabrairu. Haka kuma yana da kyau a tambayi banki abin da yake yi idan ranar ta faɗa a Asabar ko Lahadi, domin wani tsarin a ranar yake cira, wani sai ranar aiki ta gaba. Na ce wa ma'aji ya ɗauka kullum a ranar za a cira, kuɗi su kwana a asusu tun jajibiri.

Saura sa hannu. Na tambaye shi wane ne shugaban da ya sa hannu, ya ce sabon da aka zaɓa bayan ƙaramar Sallah. Na ce, banki ya san shi? Ya yi shiru.

Kowane asusun ƙungiya yana da katin sa hannu da aka ajiye a banki ranar da aka buɗe shi, ɗauke da sunayen masu iko da hotunansu da samfurin sa hannunsu ko dangwalen yatsansu, da kuma ƙa'idar haɗuwarsu. Nasu ya ce shugaba shi ne rukunin A, ma'aji da sakatare rukunin B, kuma ba a motsa kuɗi sai A ɗaya da B ɗaya sun haɗu. A idon ƙungiya, sabon shugaba ne shugaba. A idon banki kuwa baƙo ne, tsohon shugaban ne A har yanzu. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ɗora takardar a kan katin, ya ga ba su dace ba, ya mayar. Wanda ya yi sakaci ya wuce da ita kuma ya jefa kowa cikin rigima, domin izinin da wanda ba shi da iko ya sa wa hannu ba izini ba ne.

Yaron ya kawo shawara mai sauƙi: tsohon shugaban yana nan, mutumin kirki ne, a kai masa ya sa hannu. Banki zai karɓa, babu shakka. Na hana. Mutumin da ƙungiya ta sauke ba shi da hurumin ɗaure ta da bashin shekara guda, ko da katin banki bai san an sauke shi ba, kuma ran da aka sami saɓani shi da ma'aji za a riƙe. Hanyar ita ce a kai wa banki kwafin ƙudurin taron da aka yi zaɓe, da wasiƙar neman sauya masu sa hannu, da hotuna da katin shaida da lambar BVN ta sabon shugaba, a cike sabon kati. Ya ɗauke su kusan mako biyu, da zuwa Katsina sau biyu a kan hanyar da kowa ya san halinta a shekarun nan.

Akwai kuma wani iko da katin banki ba ya nunawa. Tsarin mulkin ƙungiyarsu ya ce shugabanni ba za su kashe abin da ya haura Naira 500,000 ba sai da amincewar babban taro. Wani zai ce ai 180,000 ba ta kai ba. Amma abin da sa hannun nan ya ɗaure ƙungiya da shi Naira 2,160,000 ne, kuma da jimla ake auna iko, ba da kashi ɗaya ba. An yi sa'a taron ya amince da sayen injin, sai dai ba a rubuta yadda za a biya ba. Na ce a rubuta a taro na gaba, a maƙala kwafin a bayan takardar. A yau ma batun ya ƙara nauyi, domin akwai izinin da ake kunnawa ta waya ba tare da takarda ba, inda mai asusu ke tura Naira 50 zuwa wani asusu da aka nuna masa, wannan turawar ta zama amincewarsa. Wanda aka ce wa ya tura Naira 50 don a "tabbatar da asusunsa" ya tambayi adadi da ranakun abin da yake amincewa da shi kafin ya danna.

Muka sake duba lambar asusu, lambobi goma, da sunan kamfani harafi bayan harafi don ya dace da na yarjejeniya, aka cike sabon fom, aka ɗauki hotonsa bayan an buga masa hatimin karɓa. Na sallami yaron ina jin na yi aiki.

Ranar 13 ga Yuni ya kira ni murya na rawa. Naira 360,000 ta fita daga asusu, 180,000 ranar Litinin 5 ga wata, wata 180,000 bayan 'yan kwanaki. Na ce ya karanto mini bayanin da ke gefen kowace cira a takardar bayanin asusu. Ta biyun tana ɗauke da sunan kamfani da lambar izinin da muka gyara. Ta farkon kuwa sitandin oda ce. Ashe tun a watan Afrilu, kafin zaɓe, shi da tsohon shugaba sun rubuta wa bankinsu umarnin ya riƙa tura wa kamfanin 180,000 duk 5 ga wata daga Yuni. Daga baya kamfanin ya ce shi cira kai tsaye yake so, su kuma suka ɗauka sabuwar takarda ta shafe tsohuwa. Ba ta shafe ta. Hanyoyi ne biyu daban, kowace da mai kunna ta, kuma umarnin da ka ba bankinka yana nan da rai sai ka kashe shi a rubuce. Tambayar da ya kamata in fara yi tun ranar farko ita ce, akwai wani umarni da ke kan wannan asusun? Kowane banki zai iya ba mai asusu jerin umarnin da ke aiki a kansa idan ya nema. Na duba kowane layi na takardar da ke gabana, ban tambayi wadda ba ta gabana ba.

A nan bambancin hanyoyin biyu ya sake fitowa. Da a ce kamfani ne ya ciri abin da izini bai ba shi ba, da sai su rubuta wa bankinsu ƙorafi, su karɓi lambar shaida, domin ƙa'ida ta sa mai cira ya ɗauki alkawarin mayar da abin da aka cira ba bisa izini ba. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, su kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Amma wannan kuɗin su da kansu suka ce a tura. Banki bai yi laifi ba, kamfani bai yi laifi ba. Abin da ya rage shi ne lallami.

Washegari aka soke sitandin oda a rubuce, da sa hannun sabon shugaba da ma'aji. Kamfanin ya ce ba zai mayar da kuɗin ba amma zai lissafa su cikin bashin, wanda ba laifi ba ne, muddin an rubuta. Sai dai hakan ya sauya lissafi: an riga an biya kashi ɗaya ta bayan fage, saboda haka cira 11 ya rage wa izinin gaba ɗaya, ba 12 ba. Sau 11 na 180,000 ya ba da 1,980,000, a haɗa da 180,000 ta sitandin oda, ya cika 2,160,000. Aka sake gyara izinin ya ƙare 20 ga Afrilun 2024 maimakon Mayu.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka a watan Agusta, kasuwar Jibiya ta yi sanyi, kuma ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris ɗin 2024. A watannin nan da ƙyar ƙungiyar ke haɗa 180,000. Akwai watan da sai da mutum huɗu suka yi karo-karo ranar 9 ga wata da daddare aka cike giɓin ta hannun mai POS. Cira na ƙarshe ya faɗo ranar 10 ga Afrilun 2024, wadda ta kama ranar ƙaramar Sallah, kuɗin kuma ba su fita ba sai bayan hutu, a cikin kwanakin rarar da aka bari. A watan Mayu na ce wa ma'aji ya karɓo bayanin asusu ya duba ranar 10 da kwanakin da suka biyo ta. Babu abin da aka cira. Na ce ya je kamfanin ya karɓo takardar shaidar kammala biya, ya haɗa ta da sauran a cikin ledar nan tasa.